Fankokin jet 12 a fakin ƙarƙashin ƙasa, amma hayaƙi na dawowa baya: mu ƙara fanka ko mu rage?

Nura: Assalamu alaikum, manyanmu. Ina neman shawara kafin in sa hannu a takardar karɓar aiki. Wurin ajiye motoci ne a ƙarƙashin ƙasa, hawa ɗaya, rufe ruf ba taga. Tsawo mita 60 daga gabas zuwa yamma, faɗi mita 40, daga ƙasa zuwa dekin mita 3. Gangaren da motoci ke shigowa yana bangon gabas kusa da kusurwar arewa, kuma ta nan kaɗai iska ke shiga. Ramin zuƙar hayaƙi yana tsakiyar bangon yamma, da manyan fankoki biyu, kowacce kubik mita 10 a daƙiƙa. Fankokin jet, waɗanda ake ratayawa a jikin dekin don tura iska, 12 ne, masu ƙarfin turi newton 50, wato N 50, layi uku, huɗu-huɗu a jere, duk sun kalli yamma. Da muka saki hayaƙin gwaji a tsakiya muka kunna komai, hayaƙin ya zabura yamma da gudu, amma maimakon ya shige ramin sai ya rabu biyu, ya bi jikin bangon arewa da na kudu ya dawo gabas. Ƙofar matakalar fita tana bangon kudu, kuma ta ɓace mana gaba ɗaya. Ɗan kwangila ya ce ƙarfin turin ne bai isa ba, a ƙara huɗu. Hankalina bai kwanta ba.

Usman: Wa alaikumus salam. Ai ba sai kun wahala ba. Ku sa na'urar shinshinar iskar CO, gubar da ke cikin hayaƙin mota, duk lokacin da hayaƙin motoci ya taru ta tayar da fankokin da kanta. A wurin da nake aiki haka aka yi, mun daina jin ma'aikata na kukan ciwon kai.

Hajiya Rabi: Usman, hayaƙin gobara Nura yake nufi, ba na salansa ba. Kayan aiki ɗaya ne amma aikin biyu ne. Nura, ni a ganina 12 ma sun yi yawa. Lissafin da na saba gani a katalog ɗin masu ƙera su, fanka ɗaya mai N 50 tana ɗaukar murabba'in mita wajen 400 zuwa 500. Naka 2400 ne, ka ga biyar ko shida ke nan. Ku cire rabi kawai a wuce wurin.

Injiniya Bashir: Hajiya ta kama hanya, amma ba yawan filin ba ne ya sa suka yi yawa, kuma cire rabi da ka ba zai gyara ba sai an san waɗanne.

Nura, abin da ya kamata ɗan kwangilarka ya fara yarda da shi shi ne fankar jet ba ta fitar da ko ɗigon hayaƙi daga ginin. Turawa kawai take yi. Abin da ke fita shi ne abin da manyan fankokin ramin suka zuƙa. Wurinka 60 × 40 × 3, kubik mita 7200. An ba shi musayar iska sau 10 a awa, 72,000 a awa, wato 20 a daƙiƙa. Wannan 20 ɗin ita ce iyakar abin da zai bar ginin, ko fankokin jet ɗari ka rataya.

Yanzu duba abin da fanka guda take motsawa. Turinta `F = ρ × Q × v` ne, wato nauyin kubik mita ɗaya na iska, sau yawan iskar da take fitarwa a daƙiƙa, sau gudun iskar. Mai baki milimita 400 da turin N 50 tana fitar da kimanin kubik mita 2.3 a daƙiƙa, da gudun mita 18. Wannan kaɗan ne, shi ya sa mutane ke raina ta. Amma iskar da ta fito da wannan gudun tana jan ta gefenta tana tafiya da ita. A sarari, inda ba abin da ya tare ta, bayan mita 10 abin da ke tafiya ya kai ninki takwas na abin da ya fito daga bakin. A jikin dekin ba ya kai haka saboda sama a toshe take, amma ko ka ce kubik 10 kowace fanka, huɗun da ke layin ƙarshe suna kai wa bangon yamma 40. Ramin yana karɓar 20. Sauran 20 ɗin ina za su? Ba su da wurin zuwa sai su juya, kuma za su bi inda ba fankar da ke tura su, wato jikin bango. Kamar mutum huɗu ne da tsintsiya suna koro ruwa zuwa rariya ɗaya ƙarama: in ka ƙara masu shara, ruwan ne zai ƙara dawowa ta ƙafafunsu. Abin da ka gani da idonka ke nan. Ƙara huɗu zai sa hayaƙin ya riga ku isa ƙofar matakalar.

Nura: Allah ya saka da alheri, Injiniya. To amma in na rage, me zai hana hayaƙin bazuwa baya? Mai ginin abin da aka gaya masa shi ne rabin wurin zai zauna fes, babu hayaƙi, ko mota na ci.

Injiniya Bashir: Wanda ya gaya masa haka ya yi alkawarin da kubik 20 ba za ta cika ba. Raba 20 da faɗin hanyar iskar, 40 × 3, murabba'in mita 120. Za ka samu mita 0.17 a daƙiƙa. Da ƙyar za ka ji ta a fatarka. Hayaƙi mai zafi in ya daki dekin yana bazuwa ta kowane gefe da ƙarfin kansa, kuma kafin ka tsayar da shi kana bukatar iska mai gudun wajen mita ɗaya a daƙiƙa, wani lokaci fiye, gwargwadon girman wutar da siffar dekin. Mita ɗaya a duk faɗin nan kubik 120 ke nan a daƙiƙa, ninki shida na abin da kuke da shi.

Ƙa'idar Birtaniya kan hayaƙi a wuraren fakin, BS 7346-7, ta raba manufofin irin wannan tsari fili. Akwai tsarin share hayaƙi, wanda musaya 10 a awa ta ishe shi, aikinsa rage hayaƙin yayin gobara da kwashe shi bayan an kashe. Akwai tsarin da zai ba 'yan kwana-kwana hanya mai haske har zuwa mita 10 daga gindin wutar. Akwai kuma na kare hanyar gudun mutane. Biyun ƙarshe ba da musayar iska ake lissafa su ba, da girman wuta ake yi: megawat 4 in akwai sifirinkila, wato bututun da ke fesa ruwa da kansu in wuta ta tashi, megawat 8 in babu. Naku na farko ne. Ka buɗe takardar zanen ka ga me aka rubuta a matsayin manufa, domin da ita za ka auna aikin. In share hayaƙi aka rubuta, kada ka nemi rabin wuri fes. In kuma hanyar 'yan kwana-kwana aka rubuta, ramin da fankokinsa ne suka yi ƙanƙanta, kuma wannan magana ce babba wadda ta wuce rataya fanka.

Baba Ɗanladi: Ni ba injiniya ba ne, tiyo na riƙe har na yi ritaya. Abin da zan ce wa yaron nan Nura, ka kula da lokacin da fankokin nan suke tashi. Mota in ta kama a ƙarƙashin ƙasa, mintunan farko hayaƙin yana kwance a sama, baƙi ƙirin, amma ƙasansa kana ganin tayoyi, kana ganin fitilar ƙofa. Mutum in ya sunkuya zai fita. Na taɓa shiga wani wuri inda aka kunna irin fankokin nan tun ƙararrawar farko. Sun kaɗa hayaƙin tun daga sama har ƙasa, tocilan a hannuna amma ba na ganin takalmina. Da jikin motoci muka lallaɓa, muna bin tiyo da hannu don kada mu ɓace. A bar mutane su fita tukuna.

Malam Sani: Baba, da girmamawa, ni a nan nake da ja. Ni nake haɗa fanel ɗin irin waɗannan. In aka ce a jinkirta fanka minti uku ko biyar, ai wutar ba ta jira. Kafin su tashi mota ta biyu ta kama. Ba gara a fara tura hayaƙin tun yana kaɗan ba?

Baba Ɗanladi: Sani, tura hayaƙi ba ya hana mota ta biyu kamawa. Iskar ma tana iya kwantar da harshen wutar kan motar da ke gaba. Ruwa ke hanawa.

Injiniya Bashir: Malam Sani, ba duka ake jinkirtawa ba. Manyan fankokin ramin su tashi nan take da cikakken gudu, damfofi, wato murafun hanyar iskar, su buɗe, ƙofar gangaren in mai naɗewa ce ta ɗaga. Fankokin jet kuwa, in suna aikin yau da kullum lokacin da ƙararrawa ta buga, su tsaya, sannan su dawo bayan jinkirin. Tsawon jinkirin ba lamba ce ta haddacewa ba, daga lokacin da mutum na ƙarshe zai kai ƙofa ake fitar da shi, kuma sai hukumar kashe gobarar wurin ta amince. Inda nake ba ka gaskiya shi ne akwai masu zanen da suke barin fankokin da ke nesa da wutar su fara a ƙaramin gudu. Rabin gudu kwata na turi ne, N 12.5 a maimakon 50, don haka ba ya kaɗa hayaƙin sosai. Ni ban cika son haka a wuri mai gajeren dekin ba, amma ba zan ce haramun ne ba.

Malam Sani: To ni dai har yanzu ina ganin minti biyar ya yi yawa ga fili mai mita 60. Amma na ji.

Hajiya Rabi: Nura, ba ka faɗi komai kan bim ba. Dekin shafaffe ne ko akwai bim da ke saukowa? Mu masu zanen gini sau da yawa sai an gama zuba kankare ake kawo mana maganar fanka.

Nura: Akwai, Hajiya. Suna saukowa santimita 60, duk bayan mita 8, daga arewa zuwa kudu, wato sun gitta gaban fankokin. Na je na auna yanzu: a layin tsakiya bakin fankar mita ɗaya da rabi ne kawai daga bim, kuma tsakiyar bakin santimita 35 ƙasa da dekin. Da na tsaya bayan bim ɗin ban ji iska sosai ba, amma a ƙarƙashin fankar har hulata ta tashi.

Injiniya Bashir: To wannan ita ce matsala ta biyu, kuma ita ce ta fi cin lokaci. Waccan fankar bim take hurawa. Iskar tana dukan kankaren tana faɗowa ƙasa, wata ma ta koma baya fankar ta sake zuƙarta. A gobara wannan shi ne injin da zai sauko da hayaƙi kan fuskokin mutane.

Sauke ta ƙasa da bim ba zai yiwu ba. Ƙarƙashin bim mita 2.4 ne, jikin fankar da salansarta ya kai rabin mita, saura 1.9, motar kaya mai ɗan tsawo za ta kwashe ta. Abin yi shi ne ja da ita baya cikin ɗakin da ke tsakanin bim biyu. Ka bar kimanin mita ɗaya tsakanin bayanta da bim ɗin baya don ta samu shaƙa. In tsawonta mita biyu da rabi ne, sauran fili a gabanta mita huɗu da rabi. Sannan ka karkatar da fikafikan bakin ƙasa kaɗan. Digiri 7 a mita 4.5 yana sauke tsakiyar iskar santimita 55, ka haɗa da 35 na asali, 90 ke nan ƙasa da dekin, ta wuce ƙarƙashin bim da santimita 30. A takarda ke nan. A zahiri iska mai gudu kusa da dekin tana son manne masa, don haka za ka ga ta ɗago fiye da lissafi, kuma gefenta na sama zai taɓa bim ɗin ko ta yaya. Kada kuma ka ce bari in karkatar da yawa, sai ta daki rufin motoci ko ƙasa, turin ya mutu a nan. Da zare a kan sanda za ka daidaita, fanka bayan fanka. Ka tambayi kamfanin da ya ƙera ta tazarar da suka yarda da ita gaba da baya, domin ta bambanta.

In aka rasa yadda za a yi, akwai fankoki faifai masu siririn baki waɗanda kaurinsu bai wuce santimita 30 ba sosai. Irinsu za su zauna daidai ƙasan bim su bar muku mita 2.1.

Sannan a rataye su saman hanyar mota, ba saman layin fakin ba. A gwaji wurin fanko ne, ran da ya cika motoci hanyar ce kaɗai a buɗe.

Usman: Yanzu na gane tambayar. To in haka ne me ya sa ba za a juya fankokin su bi tsawon bim ba, tunda ta nan ba abin da zai tare su?

Hajiya Rabi: Domin ramin yana yamma. In suka bi bim, arewa ko kudu za su kai hayaƙin, kuma ƙofar matakala tana kudu. Da tun a zane ne, da an sa ramin a bangon da bim ɗin ke nufa. Yanzu kankare ya bushe.

Injiniya Bashir: Nura, kafin a kwance ko ƙusa ɗaya, yi wannan. Kashe fankokin jet duka, kunna manyan biyun, rufe ƙofofin matakala, ka je bakin gangaren da ma'aunin gudun iska. Ka raba bakin gida-gida, ka auna kowane gida, ka ɗauki matsakaici. Nawa ne girman bakin?

Nura: Mita 6 a 2.5.

Injiniya Bashir: Murabba'i 15. In da gaske 20 ake zuƙa, za ka ga wajen mita 1.3 a daƙiƙa. Ka zaɓi lokacin da ba iska a waje, don iskar waje tana ɓata awon. Bayan nan ka kunna fankokin jet ɗaya bayan ɗaya, farawa daga gabas, mutum biyu na tsaye jikin bangon arewa da na kudu da zare a sanda. Duk fankar da ka kunna zaren ya juya ya nuna gabas, ka kai iyaka. Layin ƙarshe kusa da ramin ni zan fara zarginsa. Fanka kusa da rami ba ta da amfani sosai, sau da yawa wuce bakin take sa hayaƙin ya yi.

Malam Sani: Ƙari a kan wannan, tunda za ka buɗe fanel. Duba ko fankokin ramin biyu kowacce na da layin wutarta, yadda in ɗaya ta faɗi ɗayar za ta ci gaba da rabin aikin, kuma ko suna kan janareto. Duba lambar jikinsu: F300 na nufin za ta jure digiri 300 na awa ɗaya, F400 digiri 400 na awa biyu, bisa ƙa'idar EN 12101-3. Na sha ganin fanka mai F300 an ja mata waya ta gama-gari. Wayar za ta narke fankar na nan lafiya lau. Kuma a sa makunnin hannu na 'yan kwana-kwana a wajen wurin, ba a ciki ba.

Baba Ɗanladi: Wannan makunnin a rubuta masa bayani da manyan haruffa. Da dare mutum ba shi da lokacin karanta zane. Kuma Nura, leƙa sama ka ga inda ramin ke amayar da hayaƙin. In kusa da ƙofar da mutane ke fitowa ne, ko tagogin bene, an yi ba a yi ba.

Nura: Ga sakamako. A bakin gangare matsakaicin ya fito mita 1.0, wato 15 muke zuƙa ba 20 ba. Mun bi sawu muka tarar damfar fanka ɗaya ba ta buɗewa gaba ɗaya, kuma ragar bakin ramin mai ƙananan idanu ce, ƙurar siminti ta toshe ta. Bayan an gyara mun samu kusan 1.3. Da muka kunna fankokin ɗaya-ɗaya, biyun tsakiya na layin gabas da biyun tsakiya na layi na biyu ba su juya zaren ba sai ɗan kaɗawa. Muna ƙara na layin ƙarshe, zaren bangon kudu ya miƙe gabas. Mun maimaita hayaƙin da huɗun nan kawai, ƙofar matakala ta yi hazo amma ana ganin fitilarta. Sai dai kusurwar kudu maso gabas, hayaƙin da ya shiga can zama ya yi, bayan minti 20 yana nan.

Injiniya Bashir: Madalla. Waccan kusurwar dole ta yi haka, iskar gangaren tana shigowa ta arewa ta miƙe zuwa ramin, ba ruwanta da ita. Ɗauki ɗaya daga fankokin layin ƙarshe ka kai can, ka sa ta ɗan karkace zuwa arewa maso yamma don ta miƙa wa na tsakiya. Kada ta kalli ƙofar matakalar ko ta bi jikin bangon kudu, domin matsin iskar yana cusa hayaƙi ta gefen ƙofa duk lokacin da aka buɗe. A kan lokaci kuwa, da musaya 10 a awa, in iska na gauraya daidai, hayaƙi yana sauka zuwa kashi 10 cikin 100 a kimanin minti 14 bayan an daina sakinsa. Duk lungun da ya ninka wannan, matacce ne.

Sauran fankokin ba asara ba ne, za su yi aikin yau da kullum a ƙaramin gudu, irin wanda Usman ya faɗa. Ka sa a rubuta jadawali a fanel: wuta a shiyya kaza, fankoki kaza ne za su tashi. Wutar da ta tashi kusa da ramin ba ta bukatar abin da wutar bakin gangare ke bukata.

Hajiya Rabi: Ni inda ban gamsu ba, duk wannan da hayaƙi mai sanyi aka yi shi. Hayaƙin injin gwaji ba ya tashi sama, ba ya bin bim. Na gaske zai cika ɗakin da ke tsakanin bim biyu ya gudu arewa da kudu kafin ya tsallaka, wato kai tsaye zuwa bangon da ƙofar take. Kuma fanka a cikin hayaƙi mai digiri 300 turinta rabi ne, tunda iskar ta yi sauƙi. Ba za a nemi gwajin hayaƙi mai zafi ba, irin na ƙa'idar AS 4391 da ake kunna sifirit a faranti?

Injiniya Bashir: Maganarki gaskiya ce, Hajiya. Hayaƙi mai sanyi yana nuna hanyar iska da matattun lunguna, ba ya nuna halin gobara. Amma gwajin farantin ma wutarsa ƙarama ce ƙwarai in aka kwatanta da mota. Ni abin da zan fi nema shi ne a sake lissafin CFD, wato kwaikwayon tafiyar iska a kwamfuta, da sabon jerin fankokin, a sa bim ɗin a ciki, a sa wuta a wurare biyu ko uku ciki har da gaban ƙofar kudu. Kuma a duba yadda aka kwaikwayi fankar, domin lissafin gida-gida yake raba filin, kuma in gidajen sun yi girma a bakinta, turin yana narkewa a kwamfuta, hoton ya fito da kyau alhali babu komowar da Nura ya gani da ido.

Hajiya Rabi: Lissafin farko ai shi ya ba da 12. Ni dai zan so a yi duka biyun.

Nura: Na nemi rahoton farkon, an turo min. Babu bim a cikin zanen da suka yi amfani da shi, dekin shafaffe suka sa, kuma manufar da aka rubuta share hayaƙi ce. Na rubuta wa mai ginin cewa ba zan sa hannu ba sai an ja fankokin baya daga bim, an matsar da ɗaya kusurwar, an sake lissafin. Maganar jinkiri da gwajin zafi za mu kai wa hukumar kashe gobara. Malam Sani, wurin akwai sifirinkila, kuma kan feshin ruwa ɗaya yana mita biyu daidai gaban bakin wata fanka. A matsar da kan ne ko fankar?

Malam Sani: Tunda za ku ja fankar baya, fara auna inda za ta koma tukuna, ka turo min tazarar. Matsar da kai sai da izinin wanda ya zana layin ruwan.